A Yi Leda ko a Ci Gaba da Saye: Nazarin Lamarin Wani Gidan Burodi a Kano

Gidan burodin da wannan nazari ya shafa yana cikin birnin Kano, yana gasa burodi kimanin 10,000 a kowace rana, kuma yana aiki kwana 300 a shekara idan aka cire ranakun hutu da ranakun gyaran tanda. Ke nan yana cinye leda miliyan 3 a shekara. Ledar burodi da kilo ake cinikinta, kuma irin wadda gidan ke amfani da ita tana da nauyin giram 5, wato kilo guda yana ɗauke da leda 200, abin da ya kai bukatar gidan kilo 15,000 a shekara. Wata masana'anta a yankin Sharaɗa ce ke buga masa ledar da sunansa da tambarinsa da lambar NAFDAC, a kan naira 4,000 kowane kilo, wato naira 20 kowace leda, jimilla naira miliyan 60 a shekara. Ɗauko kayan daga masana'antar zuwa gidan yana cin wata naira 600,000. An daidaita alƙaluman zuwa lambobi masu sauƙin bi, domin hanyar lissafin ce abin lura, farashi kuwa yau da gobe sauyawa yake yi.

Maganar yin leda a gida ta taso ne bayan wani azumi. Ana saura kwana goma sallah, lokacin da ciniki ya fi kowane lokaci kauri, masana'antar ta gaza kawo kaya a ranar da ta yi alƙawari, gidan ya kwana biyu yana zuba burodinsa a farar leda marar suna da aka sayo a kasuwa. Masu shayi da masu shaguna da dama sun mayar da shi, suna cewa ba za su iya shawo kan mai saye ya yarda burodin gidan ne ba. Alhaji mai gidan ya ji zafin abin ƙwarai, kuma babban ɗansa, wanda ke kula da sayayya, ya kawo shawarar a sayi injuna uku: na hura leda, na buga rubutu da zane, da na yankawa da liƙe gindi. Ɗan ya je Legas ya ga injunan, tafiyar ta ci naira 700,000, aka yi ciniki a kan naira miliyan 51 har da kawowa da kafawa da farantan bugu, ya kuma ba da kafin alƙalami na naira miliyan 3, wanda takardar cinikin ta ce ba a mayarwa. Sai bayan haka akantan gidan ya ga takardar, ya ce bai yarda ba, Alhaji ya kira ni in duba tsakaninsu.

Lissafi biyu da na tarar

Lissafin ɗan Alhaji a rabin shafi yake. Ƙwayar roba da ake narkarwa a yi leda tana kan naira 2,300 kilo, tawada da sinadarin tsinka ta za su ci naira 300 a kowane kilo, jimilla 2,600. Ana sayen ledar a 4,000. Rarar naira 1,400 sau kilo 15,000 ta ba da naira miliyan 21 a shekara, don haka injunan za su mayar da kuɗinsu cikin ƙasa da shekara biyu da rabi. Ya kalli mahaifinsa ya ce, "Baba, ribar da masu masana'anta ke ci a kanmu ke nan, mu muke ba su da hannunmu."

Lissafin akanta ya kai shafi huɗu, ya kuma ƙare da cewa yin leda a gida zai ci naira miliyan 72.27 a shekarar farko, wato asarar fiye da miliyan 12 idan aka gwada da miliyan 60 na saye. Ya bi tsarin da ya saba bi wajen fitar da kuɗin da burodi ɗaya ke ci: duk wani kuɗi da gidan ke kashewa sai an raba shi, kowane sashe ya ɗauki rabonsa. Tsarin yana da amfani a inda ya dace, misali wajen tabbatar da cewa farashin burodi ya rufe dukkan ɗawainiyar gida. Amma tambayar da ke gabanmu daban ce, ita ce me zai sauya a aljihun Alhaji idan ya ce a yi, da kuma idan ya ce a bari.

Saboda haka na ɗauki ma'auni ɗaya na gwada kowane layi na takardun biyu da shi. Kuɗi yana shiga lissafin shawara ne idan ya cika sharuɗɗa biyu tare: bai riga ya fita ba, yana nan gaba, sannan adadinsa zai bambanta tsakanin yi da saye. Wanda ya riga ya fita ba ya shiga, komai yawansa. Wanda za a biya ko an kafa injin ko ba a kafa ba, shi ma ba ya shiga, ko da sunan sashen leda aka rubuta a gefensa.

Abin da ya fita daga takardar akanta

Na fara da kuɗin da aka riga aka kashe, domin a nan zuciya ta fi rinjayar lissafi. Akanta ya ɗora wa shekarar farko abubuwa uku: kafin alƙalamin miliyan 3, kuɗin tafiya Legas naira 700,000, da naira miliyan 2 da gidan ya biya shekaru biyu da suka wuce aka sassaƙa masa silindojin bugu da ke ajiye a masana'antar Sharaɗa, waɗanda ba za su hau sabon injin ba saboda salon bugunsa daban ne. Jimillarsu miliyan 5.7. Babu ɗaya cikinsu da zai dawo idan aka fasa, babu kuma wanda za a sake biya idan aka ci gaba. Abin sha'awa shi ne yadda kuɗi guda ya zama hujja a hannun ɓangarorin biyu. Akanta yana ƙirga miliyan 3 ɗin a matsayin nauyi a kan shirin, Alhaji kuwa yana ƙirga ta a matsayin dalilin ci gaba. Ya ce mini, "Malam, na riga na sa ƙafa, in na janye ai miliyan uku ta tafi a banza." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ta riga ta tafi tun ranar da aka sa hannu. Abin da ya rage a hannunka shi ne miliyan 48, ita ce za ka iya bayarwa ko ka riƙe." Don haka kuɗin injunan da ya shiga lissafina miliyan 48 ne, ba 51 ba. Da takardar cinikin ta ce za a mayar da rabin kafin alƙalamin ga wanda ya fasa, da wannan rabin ya shiga lissafi, domin ci gaba da sayen injunan zai zama sadaukar da miliyan ɗaya da rabi da ake iya karɓowa. Na karanta takardar sau biyu saboda wannan, babu irin wannan sharaɗi a ciki.

Sai kuɗaɗen da aka rarraba. Akanta ya ba sashen leda rabon naira miliyan 3 daga tsufan ginin, wato raguwar darajarsa a shekara, gwargwadon faɗin ɗakin da za a kafa injunan, miliyan 1.5 daga albashin manaja, wai zai riƙa ba sashen kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa. Naira 900,000 daga kuɗin masu gadi da masu shara. Da miliyan 2.4 daga tsufan babban janaretan gidan. Na tambaye shi abu ɗaya a kan kowanne: idan aka fasa sayen injin, za a rage wa manaja albashi? Za a sallami maigadi ɗaya? Ginin zai daina tsufa? Amsar duka a'a ce. Waɗannan kuɗaɗe burodi ne ke ɗauke da su yau, kuma raba su a kan takarda ba ya ƙara wa gidan ko kwabo na kashewa, sauya musu mazauni kawai yake yi daga wannan shafi zuwa wancan.

Akwai layi ɗaya da muka daɗe a kansa, na wani yaro daga cikin masu ɗaure burodi da za a mayar sashen leda, wanda albashinsa ya kai naira 960,000 a shekara. Tun da gidan ya sayi injin yanka burodi aikin yaron ya ragu sosai, amma Alhaji ya faɗa ƙarara cewa ba zai sallame shi ba, ɗan maƙwabcinsa ne kuma a gidan ya tashi. Tunda za a biya shi ko ta yaya, kuma ba za a ɗauki wani a gurbinsa ba, albashinsa ba ya cikin lissafi. Da a ce komawarsa sashen leda za ta sa a ɗauki sabon mai ɗauri, da albashin sabon ne zai shiga. Ba sunan kuɗi ne ke yanke hukunci ba, wato ba a cewa albashi kullum yana shiga ko kullum ba ya shiga. Halin da gidan ke ciki ne ke nunawa.

Waɗannan rabe-rabe biyar sun haɗu sun yi miliyan 8.76. Idan aka tara su da miliyan 5.7 na kuɗin da ya riga ya fita, an cire miliyan 14.46 daga takardar akanta, saura miliyan 57.81. Ɗan Alhaji ya yi murmushi a nan, domin wannan adadi yana ƙasa da miliyan 60.6 na saye da ɗauko kaya. Kafin in zo ga dalilin da ya sa murmushin ya yi wuri, ya kamata a ga abin da ke cikin miliyan 57.81 ɗin, domin akwai abubuwa da dama a cikinsa da shi ɗan ya tsallake.

Abin da ya shiga takardar ɗan Alhaji

Kuskurensa na farko shi ne ɗaukar cewa kilo ɗaya na ƙwaya yana ba da kilo ɗaya na leda. Injin hura leda yana narkar da ƙwayar ne ya turo ta ta wani baki mai zagaye, iska ta hura ta ta tashi kamar doguwar balan-balan, ta huce a sama, a naɗe ta a kan sanda. Duk lokacin da aka kunna shi, mitocin farko ba sa fitowa da kauri ɗaya, sai an zubar. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, balan-balan ɗin ta faɗi, robar da ke cikin bakin ta fara daskarewa, a sake ɗumamawa, a sake zubar da na farko. A wajen bugu ma haka ne, sai an ɓata wani tsawo kafin launuka su hau kan juna daidai, kada jan tambari ya zame daga cikin layinsa. Wani tsohon mai aikin irin waɗannan injuna da muka zauna da shi ya nuna mana buhunan tarkacen da ke bayan wurin aikinsa, ya ce ƙaramin wuri da ke kunnawa yana kashewa kullum ya sa ran sayen kilo 11 kafin ya samu 10 masu kyau. Da wannan muka yi aiki: kilo 16,500 na ƙwaya a kan 2,300 ya zama naira miliyan 37.95. Tarkacen kilo 1,500 ana iya sayar wa masu narkar da roba a kan naira 500 kilo, ya dawo da 750,000, saura miliyan 37.2. Ba a mayar da tarkacen da ya sha tawada cikin ledar da za ta taɓa abinci. Tawada da sinadarinta mun bar su yadda ɗan Alhaji ya ƙiyasta, miliyan 4.5.

Wuta bai sa ta ko kaɗan ba, hujjarsa ita ce gidan yana da layin KEDCO yana kuma da janareta. A nan ne bambancin ya fi fitowa fili: tsufan janareta bai shiga ba domin ba ya sauyawa, amma ƙarin man dizal da zai sha saboda sabon nauyi yana shiga, haka ma ƙarin abin da mita za ta karanta. Mun ƙiyasta injunan uku za su ci kimanin yunit ɗaya na wuta a kan kowane kilo da ya ratsa su. Tun ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, wanda ya kai yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin A kafin a ɗan sassauta, wutar layi ta daina zama abin rainawa, ta janareta kuwa ta kusa ninka ta. Da muka ɗauka rabi daga layi rabi daga janareta, yunit ya tsaya a kan naira 300, jimilla miliyan 4.95. Na kuma sa aka kira mai gyaran janaretan ya tabbatar cewa zai iya ɗaukar injunan tare da na kwaɓa fulawa a lokaci guda. Ya ce zai iya muddin da rana za a yi ledar, tunda kwaɓi da dare ya fi yawa. Da ya ce ba zai iya ba, da kuɗin sabon janareta gaba ɗayansa ya faɗo kan shirin.

Waɗannan uku, ƙwaya da tawada da wuta, su ne ke tashi da sauka tare da yawan ledar da aka yi. Jimillarsu miliyan 46.65, wato naira 3,110 a kowane kilo mai kyau, ba 2,600 ba.

Sauran ba ruwansu da yawan aiki. Dole a ɗauko ƙwararren mai sarrafa injin a kan naira 200,000 a wata, da sabon mataimaki ɗaya a kan 80,000, wato miliyan 3.36 a shekara. Gyara da kayan canji, irin su wuƙar yanka da wayoyin ɗumama da belt, mun ware musu miliyan 1.8. Injunan kansu mun ɗauka za su yi shekara 8 kafin su zama ƙarfen awo, don haka miliyan 48 ta zama miliyan 6 a kowace shekara. Akanta ya tambaya, da gaskiyarsa, me ya sa na karɓi tsufan sabbin injuna na ƙi na janareta. Dalilin shi ne kuɗin janareta an biya shi shekaru da suka wuce, na injunan kuwa bai fita ba har yanzu, kuma raba shi gida takwas hanya ce kawai ta auna shi da kuɗin saye na shekara guda.

Kuɗi biyu da babu su a kowane littafi

Ɗakin da za a kafa injunan wani sito ne a bayan gidan mai ƙofa ta waje. Ɗan Alhaji ya ɗauke shi kyauta tunda nasu ne, akanta ya ɗora masa rabon miliyan 3 na tsufan gini, amma babu wanda ya ambaci cewa wani ɗan kasuwar Singa yana haya a ciki yana ajiye sukari, yana biyan naira miliyan 1.2 a shekara. Kuɗin hayar ba ya bi ta littafin gidan burodi, hannun Alhaji yake zuwa kai tsaye, shi ya sa akanta bai gan shi ba. Ni ma ban sani ba sai da na ce a buɗe mini ɗakin in auna, aka ce makullin yana wurin mai haya. Ranar da injin ya shiga, wannan kuɗi ya tsaya. Abin da mutum zai rasa saboda ya zaɓi wata hanya, kuɗi ne da hanyar ta ci, ko da babu rasit da za a rubuta masa. Da siton a rufe yake babu mai nemansa, da amfani da shi bai ci komai ba.

Na biyun ya fi girma, kuma ya fi wuyar karɓa. Alhaji ba ya cin bashin banki mai ruwa, da kuɗinsa zai sayi injunan, don haka a ganinsa babu wani kuɗin jari da za a ƙirga. Na tambaye shi inda miliyan 48 ɗin take aiki a yanzu. Ya ce da ita yake sayen fulawa da sukari da mota-mota, kuɗi a hannu, yana samun rangwamen da mai ɗauka bashi ba ya samu, yana kuma tsere wa tashin farashi na wasu makonni. Muka duba rasitan shekara biyu, muka ga abin da wannan ke tsimin masa bai gaza naira 20 a kan kowace 100 a shekara ba. Idan kuɗin ya koma ƙarfe, wannan tsimi ya tafi. Tunda jarin yana dawowa a hankali cikin shekara takwas, abin da ke ɗaure a matsakaici rabinsa ne, miliyan 24, kuma kashi 20 cikin 100 na wannan shi ne miliyan 4.8 a shekara. Wannan ƙiyasi ne na kusa, shekarun farko za su fi haka nauyi, na ƙarshe su fi sauƙi, amma ya isa a ga inda ma'auni ya karkata. Babu maganar kuɗin ruwa a nan ta fuskar shari'a, maganar ita ce kuɗi ɗaya ba ya aiki biyu a lokaci guda.

Da aka ƙara miliyan 1.2 da miliyan 4.8 a kan miliyan 57.81, yin leda a gida ya tsaya a kan naira miliyan 63.81 a shekara. Saye da ɗaukowa miliyan 60.6 ne, kuma kuɗin ɗaukowar ya shiga ne domin zai ɓace idan aka daina saye. Saye ya fi sauƙi da miliyan 3.21. Akanta ya dace da amsa, amma ta hanyar da ba za a dogara da ita ba: ya zuba miliyan 14.46 da ba su da hurumi, ya bar miliyan 6 da su ne suka juya hukuncin. Da ciniki ya ƙaru sosai, takardarsa za ta ci gaba da cewa a'a alhali amsar ta riga ta koma e.

Inda lissafin zai juya

Tazarar miliyan 3.21 a cikin miliyan 60 ba ta da faɗi, don haka tambaya ta gaba ita ce a wane yawan aiki ne hanyoyin biyu za su yi kunnen doki. Kowane kilo da aka yi a gida yana cin 3,110, wanda aka saya aka ɗauko yana cin 4,040, rarar ita ce naira 930. Kuɗaɗen da ba sa motsi, wato albashi da gyara da haya da injuna da jari, sun haɗu sun yi miliyan 17.16. Idan aka raba wannan da 930 za a samu kilo kusan 18,450 a shekara, wato burodi kimanin 12,300 a rana. Gidan yana kan 10,000. Asalin matsalar ke nan: injin hurawar yana fitar da kilo 25 a awa, don haka bukatar gidan ta shekara ba za ta ɗauke shi fiye da awa biyu da 'yan mintuna a kowace ranar aiki ba, sauran yinin yana kwance ana biyan mai kula da shi. Masana'antar Sharaɗa tana raba irin waɗannan kuɗaɗe ne a kan gidajen burodi da kamfanonin ruwa masu yawa, tana kuma sayen ƙwaya da araha saboda yawan da take ɗauka. Abin da ɗan Alhaji ya kira ribarsu, mafi yawansa wannan ne.

Ya kawo shawarar a cike gurbin da buga wa wasu gidajen burodi leda. A lissafi kilo 3,500 kawai ake nema, kuma zai iya yiwuwa. Amma wannan sabuwar sana'a ce mai nata lissafin, da farantan kowane abokin ciniki, da bin bashi, da sauya launi sau da yawa wanda ke ƙara tarkace. Ban kuma ga gidan burodin da zai so ya danƙa tambarinsa da sirrin yawan cinikinsa a hannun wanda suke takara a teburin mai shayi ɗaya ba. Ban sa ko kilo ɗaya na wannan a lissafi ba, tunda babu wanda ya yi alƙawari a rubuce.

Ya kuma ce farashin leda yana ta hawa tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, don haka gara mutum ya yi tasa. Gaskiya ne farashin ya hau, sai dai abin da ya hau da shi ƙwayar roba ce, wadda farashinta ke bin dala ko daga waje aka shigo da ita ko daga masana'antar Eleme ta jihar Ribas ta fito. Mai yi a gida zai sayi ƙwayar nan a kasuwa ɗaya da mai masana'anta, har ma da ɗan tsada. Tashin da zai taɓa hanyoyin biyu kusan daidai ba ya raba gardama tsakaninsu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tarkace, domin shi gida kaɗai zai shafa: duk ƙarin kilo ɗaya cikin 100 yana cin kimanin naira 300,000 a shekara, kuma sabon wuri ba ya fara aiki da hannun gwani. Haka nan masana'antar tana ba gidan mako biyu kafin ya biya, dillalin ƙwaya kuwa sai an ba shi kuɗi yake loda buhu.

Sauran abubuwan da ba su da adadi na rubuta wa Alhaji su daban don kada su ɓace. Yin leda a gida zai toshe hanyar da ledar gidan ke iya sulalewa ta faɗa hannun masu zuba burodin da ba nasa ba, kuma wannan damuwa ce ta gaske a sana'ar. A ɗaya ɓangaren, sinadarin tsinka tawada yana da ƙarfin wari kuma yana kama wuta da sauri, siton kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin da burodi ke hucewa, tanda ma ba ta da nisa. Ledar da tawadarta ba ta bushe sosai ba tana ba burodi wari, ana gane ta da buɗe baki a shinshina ko a goga yatsa a kan zanen a ga ya kama launi. Idan kuma mai sarrafa injin ya yi rashin lafiya ana gab da sallah, gidan ya koma inda ya fito, sai dai wannan karon babu wanda zai ɗora wa laifi.

Matsalar da ta tayar da zancen tun farko jinkirin kawo kaya ce, kuma asarar waɗancan kwana biyu ta wuce, ba ta shiga lissafi. Abin da ke shiga shi ne kuɗin hana ta sake faruwa. Ajiye ledar wata guda a gida, kilo 1,250, zai ɗaure naira miliyan 5, wanda a ma'aunin kashi 20 cikin 100 ya zama miliyan 1 a shekara. Sassaƙa silindoji na biyu a ajiye a wata masana'antar, a Bompai ko Challawa, zai ci kimanin miliyan 2 sau ɗaya, su yi shekaru suna aiki. Ko an haɗa biyun ba su kai tazarar miliyan 3.21 a kowace shekara ba, kuma ba su bukaci a fitar da miliyan 48 ba.

Alhaji ya ɗauki kwana uku kafin ya yanke. Ya ci gaba da saye, ya ba da umarnin a riƙa ajiye ledar wata guda, a ninka ta kafin azumi, ya kuma sa aka fara magana da masana'anta ta biyu. Ɗansa ya rubuta wa mai injunan yana neman a riƙe kafin alƙalamin a matsayin ajiya har shekara guda maimakon ya ƙone, kuma har na kammala aikina amsa ba ta zo ba. An rubuta a littafin gidan cewa za a sake buɗe maganar idan gashin yau da kullum ya tsaya a kan burodi 13,000 tsawon wata shida, ko kuma idan reshen da ake tunanin buɗewa a hanyar Zariya ya tabbata, kuma a ranar za a sake tambayar farashin ƙwaya da na wuta da kuɗin hayar siton daga farko. Mai sukari ya sabunta hayarsa ta shekara.